Yadda ake tsara sallamar 'yan takara: alƙali, 'yan kallo ko abokan zama, wa za ka ba wuƙa?

Na taɓa zama a kwamitin wata gasar rera rubutacciyar waƙa a wani zauren taro da ke wajen Titin Gidan Zoo. An yi makonni ana tafiya lafiya, sai daren da aka rage mutum biyar. Alƙalai sun ba da makinsu, 'yan kallo sun jefa ƙuri'a, aka zo haɗawa sai muka tarar ba mu taɓa rubuta yadda za a haɗa ba. Wani ya ce a haɗa da kaso, wani ya ce a haɗa da matsayi, kuma kowace hanya mutum daban take fitarwa. Muna bayan labule muna gardama, zaure ya cika da hayaniya, aka fara cewa an sayar da gasa. Ba wanda ya karɓi ko sisi. Rashin tsari ne kawai, amma yarinyar da aka sallama a daren ta tafi gida tana ganin an zalunce ta, kuma har yau ba ni da hujjar da zan ce mata ba haka ba ne.

Saboda haka idan kana shirin kafa gasa, ko ta waƙa ce, ko ta barkwanci, ko irin shirin nan na zaman daji da ake gwada juriya, ka fara da abu ɗaya kafin ka nemi zaure ko mai ɗaukar nauyi: wa ke da ikon sallamar ɗan takara? Amsar wannan tambaya ce ke raba gasar baje basira da shirin juriya, kuma duk sauran dokoki daga gare ta suke fitowa.

Mataki na farko: tantance abin da kake aunawa

A gasar basira ana auna abin da mutum ya yi a kan dandamali cikin minti biyu ko uku. Muryarsa, kalmominsa, numfashinsa, yadda ya riƙe zaure. Abin a fili yake, kowa ya gani ya ji, don haka mai sani zai iya ba shi maki, ɗan kallo ma zai iya cewa ya burge ni ko bai burge ni ba. Mu a nan mun saba da mafi tsantsar wannan tsari a musabaƙar Alƙur'ani, wadda Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato ke shirya ta ƙasa tun 1986. Alƙalai ne kaɗai ke yanke hukunci, ba a tambayar 'yan kallo, domin hadda da tajwidi suna da ma'auni da ba ya buƙatar yawan magoya baya. Gasar Hikayata da sashen Hausa na BBC ya fara a 2016 ma alƙalai ne ke zaɓe.

A shirin juriya kuwa abin da ake aunawa ba ya faruwa a dandamali. Zama ne na kwana da kwanaki: yunwa, rana, rashin barci, da iya zama da mutane. Wanda ya fi kowa sanin halin ɗan takara shi ne wanda suka kwana a bukka ɗaya, suka raba ludayin shinkafa. Shi ya sa a Survivor, wanda aka fara a Suwidin a 1997 da sunan Expedition Robinson, tashar CBS ta Amurka kuma ta ɗauka a 2000, babu teburin alƙalai kuma 'yan kallo ba sa sallamar kowa. 'Yan takara ne ke korar junansu. Akwai ma dalilin aiki a ciki: ana gama ɗaukar zaman dajin ne watanni kafin a nuna shi, to ɗan kallo ba shi da hanyar sa baki a abin da ya riga ya wuce.

Ka rubuta a jimla ɗaya abin da gasarka ke nema. Idan jimlar ta ce “wanda ya fi iya rera waƙa”, kana ɓangaren farko. Idan ta ce “wanda ya fi daɗewa” ko “wanda ya fi iya zama da jama'a cikin wahala”, kana na biyu. Idan ta ce “wanda mutane suka fi so”, wannan gida na uku ne, gidan Big Brother, kuma zan zo kansa.

Mataki na biyu: raba zagaye, ka faɗi mai iko a kowane zagaye

Gasar basira tana tafiya kamar mazurari, kuma iko yana sauya hannu a hanya. A farko mutane ɗari-ɗari ne, ba yadda za a yi 'yan kallo su saurare su duka, don haka alƙalai ne da mashirya ke tacewa. A Nigerian Idol da takwaransa American Idol haka ake yi: alƙalai su tantance har a rage 'yan kaɗan, sannan idan aka shiga zagayen kai tsaye wuƙa ta koma hannun masu ƙuri'a, alƙali ya zama mai sharhi. The Voice, wanda ya fito daga Holan a 2010 ya iso Najeriya a 2016, ya ƙara wata dabara a zagayen farko: alƙalai suna juya wa mawaƙi baya, murya kaɗai suke ji, wanda ta burge ya juyo da kujerarsa. A zagaye na gaba kuma alƙalin, wanda yanzu ya zama kocin waɗanda suka shiga ƙungiyarsa, shi ne ke haɗa mutanensa biyu su kara, ya zaɓi ɗaya, wani kocin yana iya ɗauke wanda aka bari. Kai ma za ka iya yin irin wannan da labule ɗaya da lamba a madadin suna. A gari kamar Kano, inda alƙali zai iya gane ɗan maƙwabcinsa ko ɗalibin abokinsa, labulen nan yana kashe rabin zargi.

Shirin juriya ba mazurari ba ne, zagaye ɗaya ne da ake ta maimaitawa. A Survivor na farko a Amurka mutum 16 aka kai wani tsibiri a Borneo, aka raba su ƙungiya biyu, aka yi kwana 39. Duk bayan kwana uku a yi gasar neman kariya. Ƙungiyar da ta faɗi ta je zaman majalisa da dare, kowa ya rubuta sunan wanda yake so ya tafi, a asirce, a jefa a tulu, mai gabatarwa ya karanta. Da aka yi nisa sai a haɗe ƙungiyoyin, kariya ta zama ta mutum ɗaya. Jeff Probst, wanda ke gabatar da shirin tun farkonsa, yana yin tambayoyi masu tono, yana lura da dokar wasa, amma ba shi da ƙuri'a. Wannan bambanci ne da masu shirya namu kan manta: mai gabatarwa a shirin juriya alƙalin wasa ne mai usur, ba alƙalin da ke ba da maki ba.

Ba kowane shirin juriya ne ke da ƙuri'a ba. Gulder Ultimate Search, da aka fara a Najeriya a 2004, ya fi dogara da aikin da aka ba ka: ka gaza a gwaji, ka kama hanya. Shirin Alone na tashar History, daga 2015, ya wuce nan: mutum goma, kowa shi kaɗai a daji da kyamararsa, babu ƙuri'a babu alƙali. Wanda ya gaji ya kira a waya a zo a ɗauke shi, ko likita ya duba shi ya ce ya isa haka. Wanda ya ci na farko kwana 56 ya yi. Wannan ya fi kama da dambe: wanda ya kai ƙasa ya faɗi, ihun magoya baya ba ya tayar da shi.

Big Brother Naija kuma, inda ake tara 'yan takara su zauna a gida ɗaya, ya haɗa biyu. Mazauna gida su ware waɗanda za a sa a layin fita, 'yan kallo su jefa ƙuri'ar ceto, mai ƙarancin ƙuri'a ya fita ranar Lahadi. Abokan zama ne ke ɗora wuƙa, jama'a ke yankawa ko su ɗage. Ana iya yin haka ne saboda shirin kai tsaye yake tafiya.

Mataki na uku: idan za ka haɗa alƙalai da 'yan kallo, zaɓi lissafin tun yanzu

Nan ne inda muka faɗi, don haka zan daɗe a kai. Mu ɗauka mutum biyar suka rage a gasarka, alƙalai uku, kowane yana ba da maki har 10, jimla 30. Zan kira su da unguwanninsu. 'Yar Tarauni ta samu 28, ɗan Gwale 26, ɗan Dala 24, 'yar Kurna 22, ɗan Fagge 20. Duka makin da aka raba 120 ke nan.

An jefa ƙuri'a 10,000. Ɗan Fagge, da yake yana da jama'a, ya kwashe 4,000. Ɗan Dala 2,000, 'yar Kurna 1,700, ɗan Gwale 1,400, 'yar Tarauni 900.

Idan alƙalai kaɗai ke yanka, ɗan Fagge ne zai tafi. Idan ƙuri'a kaɗai, 'yar Tarauni, wadda ta fi kowa iyawa a daren. Wannan ba sabon abu ba ne: a 2004 an sallami Jennifer Hudson daga American Idol a matsayi na bakwai, ta zo daga baya ta ci kyautar Oscar. Shirin da kansa ya ga matsalar, a 2009 ya ba alƙalai damar ceton mutum ɗaya sau ɗaya a kakar wasa.

To yanzu a haɗa. Hanya ta farko ita ce ta kaso. Ka mayar da makin kowa kaso cikin ɗari na 120, ka mayar da ƙuri'arsa kaso cikin ɗari na 10,000, ka tara. 'Yar Tarauni tana da 23.3 daga alƙalai da 9 daga jama'a, ya zama 32.3. Ɗan Gwale 21.7 da 14, ya zama 35.7. Ɗan Dala 20 da 20, ya zama 40. 'Yar Kurna 18.3 da 17, ya zama 35.3. Ɗan Fagge 16.7 da 40, ya zama 56.7. 'Yar Tarauni ce a ƙasa, ita za ta tafi.

Ka lura da abin da ya faru. A takarda ka ce rabi na alƙalai rabi na jama'a, amma a aikace ba haka ba ne. Tazarar da ke tsakanin na sama da na ƙasa a wurin alƙalai ba ta kai kaso 7 ba, a wurin jama'a kuwa kaso 31 ce. Alƙalai ba sa son ba da 2 ko 3 a gaban iyayen yaro, makinsu kullum yana taruwa tsakanin 6 da 10, ƙuri'a kuwa ba ta da kunya. Duk ɓangaren da ya fi baza lambobinsa shi ke yanke hukunci. Da wannan hanya alƙalanka sun zama ado.

Hanya ta biyu ita ce ta matsayi, irin wadda gasar rawa ta Strictly Come Dancing ta BBC ke amfani da ita. A nan ba ruwanka da girman tazara, jeri kawai kake dubawa. Na ɗaya a wurin alƙalai ya samu 5, na biyu 4, har zuwa na ƙarshe mai 1. A yi haka a ɓangaren ƙuri'a. 'Yar Tarauni 5 da 1, shida. Ɗan Gwale 4 da 2, shida. Ɗan Dala 3 da 4, bakwai. Ɗan Fagge 1 da 5, shida. 'Yar Kurna 2 da 3, biyar. Yanzu 'yar Kurna ce za ta tafi, wadda ba ta zo ta ƙarshe a kowane ɓangare ba. Wannan hanya ta daidaita ƙarfin ɓangarorin biyu da gaske, kuma ta karya amfanin tara ƙuri'a fiye da kima, domin 4,000 ɗin ɗan Fagge maki 5 kawai suka ba shi, daidai da abin da 2,001 za su ba shi. Aibinta shi ne yawan kunnen doki. Ga mutum uku nan da shida-shida. Dole ka rubuta tun farko wa ke raba gardama idan kunnen dokin ya faɗo a ƙasa, alƙalai ko ƙuri'a.

Kuma hanyar tana da rami idan mutane suka ragu. A 2008, a zagayen kusa da na ƙarshe na Strictly, mutum uku suka rage, biyu suka yi kunnen doki a sama a wurin alƙalai, aka ba kowannensu maki 3, na ukun, Tom Chambers, ya samu 1. Aka buɗe layin ƙuri'a, sai aka gano cewa ko duk ƙasar ta zaɓe shi ba zai tsira daga karawar biyun ƙarshe da ake sallamar ɗaya a cikinta ba. Mutane suna biyan kuɗi a kan abin da ba zai yiwu ba. Dole aka wuce da su ukun gaba ɗaya, kuma shi ne ya zo ya ci gasar. Idan babbar tasha mai lauyoyi da masu lissafi ta faɗa wannan rami, kai da kwamitinka na mutum shida ku zauna da takarda da biro ku gwada tsarinku a kan mutum biyar, huɗu, uku, da kunnen doki a sama da a ƙasa, kafin ku buga sanarwa.

Hanya ta uku ita ce wadda The X Factor ya shahara da ita: ƙuri'a ta fitar da biyun ƙarshe, su sake rerawa, alƙalai su ceci ɗaya. A misalinmu ɗan Gwale da 'yar Tarauni ne za su kara, kuma idan ta sake yin abin da ta yi, ɗan Gwale ne zai tafi. A can idan alƙalai huɗu suka rabu biyu-biyu, ana komawa ga ƙuri'ar jama'a. Kai ka sauƙaƙa wa kanka, ka sa alƙalai uku ko biyar.

Ka ga ke nan dare ɗaya, waƙoƙi ɗaya, maki ɗaya, ƙuri'a ɗaya, amma mutum huɗu daban-daban ne ke iya tafiya gida, ya danganta da layin da ka rubuta a takardar doka. Ɗan Dala kaɗai, na tsakiya, ba hanyar da ta taɓa shi. Ni a ganina, ga gasar basira a garin nan, hanya ta uku ta fi. Jama'a suna jin an saurare su, gwani yana da ƙofar tsira, kuma hukuncin ƙarshe a gaban kowa ake yinsa, ba a bayan labule da na'urar lissafi ba. Sai dai a daren ƙarshe ka janye ceton alƙalai, ko ka faɗa tun ranar farko cewa alƙalai ne za su naɗa zakara. Abin da ke tayar da rigima shi ne a karɓi kuɗin ƙuri'ar mutane sannan a juya sakamakon.

Mataki na huɗu: tsara ƙuri'ar jama'a

Tambaya ta farko: ƙuri'ar ceto ce ko ta kora? A gasar basira ko da yaushe ka sa ta ceto, wato mutum ya zaɓi wanda yake so ya zauna. Ƙuri'ar kora tana hukunta wanda ya yi fice, domin mai masoya da yawa shi ne mai maƙiya da yawa, kuma magoya bayan sauran huɗun za su haɗu a kansa. Wanda ba a lura da shi ba sai ya yi ta wucewa. Ban da haka, ba daidai ba ne ka tara jama'a su yi ta rubuta sunan yarinya 'yar shekara sha tara don a kore ta. Ƙuri'ar ceto ma tana da nata lahani: masoyan gwani kan ɗauka ya riga ya tsira, su yi sakaci, shi ya sa mai gabatarwa zai riƙa tunatarwa cewa yabon alƙali ba ƙuri'a ba ne.

Ta biyu: mutum ɗaya sau nawa zai jefa? Mu ce ka sa ƙuri'a naira 50 babu iyaka. Ƙuri'u 4,000 na ɗan Fagge naira 200,000 ne. Kawu ɗaya mai shago a Kantin Kwari zai biya wannan kafin la'asar. To ba ra'ayin jama'a ka auna ba, aljihun dangi ka auna. Alamar da za ka gane hakan ita ce ƙuri'u su shigo a dunƙule cikin mintuna kaɗan, daga lambobi ƙalilan, galibi dab da rufewa. Maganinsa iyaka: lambar waya ɗaya ƙuri'a kaza a mako, a sanar. Manyan shirye-shirye ma suna sa iyaka a kan kowace hanyar jefa ƙuri'a, duk da haka magoya baya suna tara kuɗi da layuka su zagaye ta, don haka iyakar tana rage ɓarna ne, ba ta kawar da ita.

Idan a zaure kake, tikiti ya fi komai. Kowane tikitin shiga yana da ɓangaren da ake yagewa, ɗan kallo ya rubuta lambar gwaninsa, ya jefa a akwati bayan an gama rerawa duka, ba kafin nan ba. A ƙirga a kan dandamali, kowane ɗan takara da wakilinsa a tsaye, kamar yadda muka saba gani a rumfar zaɓe. Kada ka auna da tafi ko ihu, domin wanda ya zo da 'yan unguwarsu cike da A Daidaita Sahu goma shi zai ci, mata kuma ba za su yi ihu kamar samari ba. Kada ka auna da yawan danna alamar so a Instagram ko TikTok, ana sayen wannan da araha.

Sannan ka faɗi lokacin buɗewa da na rufewa da minti, ka sa wani wanda ba ya cikin kwamiti ya riƙe sakamakon ya sa hannu, ka ajiye alƙaluman don duk wanda ya nemi gani. Jerin fitowa ma a yi shi ta hanyar jan takarda daga jaka kowane mako, saboda wanda ya rera a ƙarshe ya fi zama a kunnen mutane fiye da wanda ya buɗe fage ana ta shigowa ana neman kujera.

Mataki na biyar: ɗaure alƙalai da takarda

Raba makin gida-gida kafin a fara, misali a waƙa: ma'ana da zaɓen kalma, kari da amsa-amo, murya, tsayuwa a gaban jama'a. Kowane alƙali ya rubuta nasa ya miƙa kafin wani ya buɗe baki ya yi sharhi. Idan babban malami ya fara magana ya yaba, ƙaramin alƙali ba zai iya saɓa masa a bainar jama'a ba, kunya ce ta gidanmu, kuma makin uku zai koma makin mutum ɗaya. Alƙalin da ɗalibinsa ko ɗan'uwansa ke takara ya faɗa tun farko, a cire makinsa a kan wannan mutum a ɗauki matsakaicin na sauran.

Idan shirin juriya ka zaɓa

Nan komai ya juye. Da za ka ba mutum biyar ɗinmu takarda su kori junansu, 'yar Tarauni ce za ta fara tafiya, don ta fi su. A gasar basira ƙwarewa kariya ce, a nan kuwa ita ke jawo maka ido. Wannan ba lalacewar shirin ba ce, shirin ke nan, amma sai ka sa masa birki uku, in ba haka ba masu rinjaye za su haɗa kai a makon farko su yi ta cin marasa rinjaye ɗaya bayan ɗaya, ɗan kallo ya san ƙarshen labari tun a tsakiya.

Birki na farko gasar kariya, wadda ke ba wanda aka sa wa ido damar ƙwatar kansa da ƙarfinsa ko da wayonsa. Ka riƙa sauya irinta, yau gudu, gobe wasan ƙwaƙwalwa, jibi daɗewa a tsaye, don kada ƙarti su cinye duka.

Na biyu ɓoyayyar kariya, wani ɗan abu kamar laya da ake ɓoyewa a sansani, wanda Survivor ya shigo da shi a 2005. A tsarin da aka daɗe ana bi yanzu, mai ita yana fito da ita bayan an jefa ƙuri'a kafin a karanta, duk ƙuri'ar da aka jefa masa ta mutu. Dubi yadda take motsa lissafi. Mutum tara suka rage, shida a ƙawance ɗaya, uku a ɗaya. Idan shidan suka zuba duka a kan mutum ɗaya, ya fito da laya, ƙuri'u shida sun mutu, ukun can su ne za su yanke wanda zai tafi daga cikin manya. Don haka masu wayo sai su raba, uku a kan wannan, uku a kan wancan. Laya ta kashe uku, sauran ukun su yi kunnen doki da ukun 'yan adawa, a sake jefawa tsakanin mutum biyun, masu rinjaye su ci. Amma da mutum ɗaya cikin shidan zai sauya sheƙa a asirce, lissafin ya rushe. Abin da ke riƙe ɗan kallo ke nan. Ka rubuta dokar kunnen doki a nan ma. A Survivor ana sake jefawa, in an sake cijewa a nemi su daidaita baki ɗaya, in sun kasa a ja duwatsu daga jaka, wanda ya jawo mai launi daban ya tafi, kuma waɗanda aka yi kunnen dokin a kansu ba sa cikin masu ja. Tsoron dutsen nan ne ke sa wani ya sauka daga kan bakansa.

Na uku shi ne mafi kyau a cikinsu. Waɗanda aka kora a rabin ƙarshe na shirin ba sa ɓacewa, suna zama majalisar da za ta zaɓi zakara tsakanin waɗanda suka kai ƙarshe. A shekarar 2000 mutum bakwai ne, suka ba Richard Hatch ƙuri'a 4, Kelly Wiglesworth 3, ya tafi da dala miliyan ɗaya. Wato alƙalan shirin juriya su ne mutanen da ka kora da hannunka, kuma za ka tsaya a gabansu ka roƙi ƙuri'arsu. Ka sa adadinsu ya zama wanda ba zai rabu daidai ba, kuma kada ka ba su takardar maki irin ta mataki na biyar. Kowa da ma'auninsa, wani amana yake dubawa, wani dabara, wani yana nan da haushin daren da aka ci amanarsa.

Akwai kuma sallama biyu da ba ta hannun kowane mai ƙuri'a. Ɗaya ta karya doka: a Big Brother Naija gargaɗi uku na kai mutum waje, dukan wani kuma yana iya fitar da shi nan take, komai yawan masoyansa. Ɗayar ta likita. Idan ka kai matasa sansani a bakin dam ɗin Tiga ko wata gona a bayan gari cikin watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40, sai da ma'aikacin lafiya a wurin dare da rana, da ruwan sha wanda ba a sa shi cikin abin da ake gasa a kai, da mota a tsaye. Ka rubuta a takardar da kowa zai sa wa hannu cewa idan likita ya ce a fitar da mutum, maganarsa ta wuce ta mai shiri, ta mai ɗaukar nauyi, da ta ɗan takarar kansa, domin yaron da ya ga saura kwana uku ya ci kuɗi ba zai taɓa cewa jiri yake ji ba. Ka rubuta kuma abin da zai biyo baya: in likita ya fitar da mutum a mako, shin an fasa zaman majalisar wannan mako ko za a yi, kuma wanda aka fitar ɗin yana da kujera a majalisar zaɓen zakara ko babu.